Kamfanin kwangila ko 'yan ko-ta-kwana na cikin gida?

"Ma'aikata 20 nake buƙata a aikin safe a rumbun da muke haɗa kaya, kuma fashin zuwa aiki na ba-zata yana hana mu cika oda. In ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke turo ma'aikatan wucin gadi, ko in haɗa nawa jerin masu jiran kira?"

Malam, ka haɗa naka. Kamfanin kwangila yana da ranarsa, wato lokacin da aiki zai ninka na wasu makonni kuma ka san da zuwansa tun da wuri, amma a fashin safiya ɗaya wanda za su turo maka yakan iso a makare, bai san inda kaya suke ba, sai ka cire gwaninka daga aiki ya koya masa.

Kafin ka rubuta sunan kowa, ka raba cunkoso da fashi, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Cunkoso ana iya hango shi: ka ɗauko rajistar odar watannin baya, ka jera Litinin da Litinin, Talata da Talata, awa bayan awa, sannan ka gwada da irin wannan lokaci na bara. Abin da ya maimaita kansa, kamar ƙarshen wata, jadawali ne zai ɗauke shi, ta hanyar ƙara hannu a ranar da kuma hana hutu ya taru a cikinta. Masu jiran kira na abin da ba a hango ba ne, kuma idan ka riƙa cike gurbin cunkoson da ka sani da su, ranar da mutum biyu suka kwanta rashin lafiya ba za ka sami kowa ba.

Yawan da za ka tanada kuwa rajistar zuwa aiki ce za ta faɗa maka. A ce ta nuna cewa a cikin kowane zuwa aiki 100 ana fashin ba-zata sau 5, ban da hutun da aka nema tun da wuri. A mutum 20, matsakaicin fashi mutum ɗaya ne a rana, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa su tanadi mutum ɗaya. Idan fashin wani bai shafi na wani ba, lissafi ya nuna cewa a cikin kwana 100, kusan kwana 36 kowa zai zo, kwana 38 mutum ɗaya zai yi fashi, kwana 19 mutum biyu, sauran kwanaki 7 ko 8 kuma uku ko fiye. Ke nan mai jira ɗaya zai bar ka da giɓi kusan rana ɗaya cikin huɗu, biyu kuma za su rufe maka kusan kwana 92. Na ukun zai kai ka 98, amma da wuya ka kira shi, don haka gara a cike waɗannan 'yan kwanaki da ƙarin awoyi ga waɗanda suka zo. Haka kuma idan ka ɗauki mutum biyu na dindindin don wannan, a kwana 36 za ka biya su duka alhali babu gurbin da suka cike.

Wannan lissafi yakan karye a lokacin da mura ta zagaya ma'aikata ko hanya ta toshe, saboda fashin yakan zo tare. Idan ka ga an yi fashi uku kwana biyu a jere, ka ƙara mai jira na wannan mako.

Gurbi biyu ba yana nufin suna biyu ba. A wurinmu mun tara masu aikin rabin lokaci da tsofaffin ma'aikatan da suka san aikin, muka raba musu kwanakin jira karɓa-karɓa, kowa ya san ranarsa mako guda kafin ta zo. Mai jira yana samun ɗan alawus ko ba a kira shi ba, cikakken kuɗin yini idan ya zo, kuma akwai lokacin da idan ya wuce ba a kira shi ba, ya sami 'yancin yininsa. Wata safiya mai duba kaya da mai ɗaure kwali suka yi fashi tare, wata baiwar Allah da ke jira a ranar ta iso kafin motar farko ta tsaya, kuma da yake muna sa ta aiki lokaci-lokaci don kada hannunta ya mutu, ba ta tambayi kowa komai ba. Alawus ɗin nan shi ne ke sa a ɗaga waya. Sai dai ka duba abin da dokar ƙwadago ta ƙasarka ta ce game da lokacin jira.

Idan har za ka yi hulɗa da kamfanin kwangila don lokacin cunkoso, ka yi hattara da masu alƙawarin turo mutum cikin awa ɗaya da baki kawai. Wasunsu sunaye ɗaya suke nuna wa kowane mai hulɗa da su, wasu kuma sukan ɓoye kuɗin riƙo na wata-wata a cikin takarda, ko tarar da za ka biya idan ka ɗauki ma'aikacinsu aikin dindindin. Ka sa a rubuta lokacin isowa da abin da za su mayar maka idan suka saɓa, kafin ka sa hannu.