Hoton kusa da hoton nesa: wanne tela zai auna tsayi da shi?

"Salamu alaikum. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Wani mai ba ni ɗinki da ke ci-rani a Legas ya turo mini hotuna biyu da aka ɗauke shi a ƙofar zaurensu nan garin. A ɗaya dogo ne sosai, a ɗayan kuma matsakaici. Da wanne zan yanka masa kaftani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sa almakashi a yadin mutane tukuna. Hoton da aka ɗauka daga nesa ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma sai ka duba inda mutumin ya tsaya.

Kyamara ba ta san tsayi ba, nisa ta sani. Abin da ya ninka nisa, girmansa a hoto yakan koma rabi. Saboda haka sai an gwada mutum da wani abu da aka san tsayinsa, kuma ka yi sa'a, ƙofar tana garinku. Je ka sa mata tef. A ce ta ba ka inci 78. Ka buɗe hoton, ka ɗora rula a fuskar waya ba tare da ka ƙara ko rage girmansa ba tsakanin awo biyun. Idan ƙofa ta ci santimita 10, mutum ya ci 8.7, sai ka ninka 78 da 8.7 ka raba da 10. Zai ba ka kusan inci 68.

Wannan lissafin yana aiki ne kawai idan mutum da ƙofa nisansu ɗaya da kyamara, kuma a nan hotunan biyu suke rabuwa. Mu ɗauka tsayinsa na gaskiya inci 68 ne, ya tsaya rabin yadi a gaban ƙofa. A hoton kusa, mai ɗauka yana yadi 2 da shi, ƙofa kuwa yadi 2 da rabi. Wato ƙofa ta fi shi nisa da kwata, don haka lissafinka zai kumbura shi da kwata, ka samu inci 85. A hoton ma za ka ga ya fi ƙofar tsawo. A hoton nesa, mai ɗauka yana yadi 5, ƙofa yadi 5 da rabi, bambancin kashi ɗaya cikin goma ne, sai ka samu kusan inci 75. Rabin yadin nan dai shi ne, amma a kusa ya ƙara inci 17, a nesa inci 7. Inci 7 ɗin ma ya isa ya sa wando jan ƙasa.

Yadda za ka gane ya matso gaba: dubi tafin ƙafarsa da dokin ƙofa. In ƙafar ta sauko ƙasa da dokin a hoto, akwai tazara tsakaninsu.

Abu na biyu ya fi shafarka, domin shi ke ɓata rabon riga da wando. Yawancinmu a daidai ido muke riƙe waya, mu karkata ta ƙasa don sawu ya shiga. Daga yadi 2, kan mutum yana inci 72 da wayar, tafin ƙafarsa kuwa kusan inci 95. Sai kai da kafaɗu su fito manya, ƙafafu su tsuke su gajarta. Daga yadi 5, kai yana inci 180, ƙafa 190, bambancin ya zama kaɗan. Alamar karkatawa ita ce gefunan ƙofar biyu suna matsowa juna ta ƙasa maimakon su miƙe. In ka ga haka, kada ka ɗauki tsayin gwiwa ko ƙugu daga hoton. Haka in an ɗauka da 0.5x, wato saitin kyamarar waya mai ɗaukar fili da faɗi, domin yana jan abin da ke bakin hoto.

In dole sai da hoto, ka sa ya ɗauki sabo a can. Ya auna wata ƙofa da tef, ya tsaya a cikinta daidai da firam, ba hula, ba takalmi, ba babbar riga. Mai ɗauka ya ja baya yadi 5, ya riƙe waya a miƙe daidai ƙugun mutumin. In ya yi ƙanƙanta a ja zum. Zum ba ya canza wannan lissafi, matsowa ce ke canza shi. A haka kuskuren yakan tsaya wajen inci ɗaya ko biyu.

Kewayen wuya, ƙirji da ciki kuwa hoton gaba ba ya nuna su, domin faɗi kawai yake ba ka, ba kauri. Waɗannan ya je wurin wani tela a unguwarsu a auna shi, ya turo maka lambobin.