Hattara da masu karɓar “kuɗin orijina” kan hotunan biki a Birnin Kebbi

Jama'ar Birnin Kebbi da kewaye, musamman iyayen amare da angwaye, akwai wata damfara da ta shigo harkar hoto. Mutum zai zo da kyamara ya ɗauki kamu da ɗaurin aure da walima, ya gyara hotunan, ya turo ta WhatsApp. A waya sun fito tas. Ranar da kuka nemi babba na bango sai ya ce ai waɗancan na waya ne, na wanki kuɗinsu daban, “orijina mai DPI 300”. Ku tura kuɗi, ya turo fayil, daga nan layinsa ya daina shiga. Sana'ata wankin hoto, saboda haka a teburina asirin yake tonuwa, kuma ni ake fara yi wa kallon wanda injinsa ya lalace.

Mai hoto ya ware farashin manyan fayiloli ba laifi ba ne, in an yi ciniki a kan haka tun farko. Cutar ita ce ya karɓi kuɗin babba ya miƙo ƙaramin da ya riga ya ba ku, ya sauya masa lamba kawai.

Wata Hajiya daga Gesse ta kawo mini irinsa. Hoton 'yarta da ango take so a firem mai inci 16 da 20, kuma ta biya naira 20,000 kuɗin orijina. Na buɗe a kwamfuta, lallai an rubuta 300 a gurbin DPI. Amma girman hoton fiksel 1600 ne a tsawo, 1067 a faɗi. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, kuma yawansu shi ne dukiyar da ke cikin fayil. Wannan 1600 kuwa sananniyar lamba ce a wurinmu, don kusan nan WhatsApp yake rage dogon gefen hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba.

Ta ce, “Ɗana, to mi ya hana? Ga 300 ɗin nan da ya faɗi.”

Na ce, “Hajiya, 300 ɗin umarni ne ga injin wanki, cewa ya jera ɗigo 300 a kowane inci. Ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya.”

Lissafin bai fi na kasuwa wuya ba. Raba 1600 da 300, ka sami inci 5 da 'yan kai. Raba 1067 da 300, ka sami inci 3 da rabi. Iyakar girman da hoton zai fito da kaifi ke nan, abin sakawa a albam. In aka ja shi ya cika takarda mai faɗin inci 16, kowane inci zai sami ɗigo 67 kacal. Fuska ta yi dishi-dishi, kwalli ya haɗe da gira, duwatsun leshi su narke su zama tabo. Canza wannan lambar kuwa aikin daƙiƙa goma ne: a Photoshop ka shiga Image Size, ka cire alamar Resample, ka rubuta 300 ko ma 1000. Daidai yake da a zuba kwano biyar na shinkafa a buhu a rubuta kilo 50 a jikinsa.

Hoton bango ba dole sai 300 ba, tunda daga nesa ake kallonsa. Ɗigo 150 a inci yana wadatarwa, wato inci 16 da 20 yana son aƙalla fiksel 2400 da 3000. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000, don haka wanda da gaske yana riƙe da ainihin aikinsa ba shi da dalilin turo 1600.

Wasunsu sun fi haka wayo. Sun san an fara duba fiksel, sai su bar alamar Resample ɗin, su hura ƙaramin hoton ya kai 6000 da 4000. Wani kuma ya mayar da shi PNG don fayil ya yi nauyi, ka ga megabait 15 ka ce ka yi dace. Nauyin banza ne. Abin da WhatsApp ya zubar lokacin matsewa ya tafi, kwamfuta cike gurbi kawai take yi da kintace. Wannan ba a gane shi da lamba, sai da ido. Buɗe hoton ka ja shi da yatsu biyu har idon amarya ya cika fuskar waya. A na gaskiya za ka ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya, ka ga zaren aikin hular ango, ka ga bakin zanen lalle ya yanke tsaf. A wanda aka hura, fata tana yin sumul kamar an shafe ta, gefen kaya ya yi inuwa, sannan a wuri mai launi ɗaya, misali bango ko farar shadda, za ka hangi ƙananan murabba'ai a jere. Tabon matsewar farko ne, ya girma tare da hoton.

Kafin a kai ga haka ma waya tana faɗin gaskiya. A Android buɗe hoton ka nemi Details, a iPhone ka taɓa alamar i da ke ƙasa, za ka ga fiksel da nauyi. Hoton biki mai kilobait 200 ba na bango ba ne. Sunan fayil irin IMG-20240210-WA0031.jpg kuma yana nuna ta WhatsApp ya biyo, wannan WA ɗin ce shaida. Rashin sunan kyamara a cikin bayanan ƙarin alama ce, amma kada a kama mutum da ita kaɗai, domin akwai masu gaskiya da ke cire bayanan lokacin fitar da hoto.

Ga abin da za ku gindaya wa mai hoto kafin biki. Na wanki ya zama JPEG mai cikakken girma, launinsa sRGB, don shi yawancin injinan wanki suke tsammani, in ba haka ba jan gyale yana iya fitowa a koɗe. A miƙo shi a filasha, ko a tura ta WhatsApp a matsayin Document, wanda ba ya taɓa fayil. Maɓallin HD da suka ƙaro a 2023 ya fi na da, amma har yanzu yana matsewa. Na Instagram kuma a fitar da shi daban, 1080 da 1350 in a tsaye yake, kada a haɗa su a jaka ɗaya a ruɗa ku. Ku faɗa masa girman firem ɗin tun da wuri, saboda hoton kyamara ya fi inci 16 da 20 tsawo a siffa, dole a datse gefe, kuma a hoton dangi gefen nan ne goggo take tsaye.

Kada ku biya cikon kuɗi sai ya turo guda ɗaya ta Document, kun kai shagon wanki an buɗe a kwamfuta a gabanku. Ba sai an wanke babban ba. A yanko fuskar kawai a girman da za ta fito a bango, a buga a ƙaramar takarda mai inci 4 da 6, kuɗinta kaɗan ne. Wanda ya ce sai an biya duka kafin a ga ko guda, ko ya ce Document ba ya tafiya a wayarsa, ku riƙe kuɗinku.