Shekara guda da TikTok, Instagram da WhatsApp a shagon ɗinkina

Shagona yana Aboabo a nan Kumasi: kekuna biyu, ni da 'yar koyo ɗaya. Yawancin masu kawo min ɗinki 'yan mata ne da sababbin amare, masu son abaya, doguwar riga ta atamfa da ankon biki. Lokacin da nake iya ba waya bai wuce rabin awa ba a rana, shi ma yawanci sai bayan isha'i. Da wannan rabin awar na gwada manhajoji uku.

Instagram na fara ajiyewa. Shafin tela a can yana son hoto mai tsabta, bango mai kyau, da wadda za ta sa kayan ta tsaya a ɗauke ta. Masu manyan shaguna a Accra suna cin moriyarsa sosai, amma ni hoto ɗaya mai kyau yana cin lokacin da zan haɗa hannun riga biyu. Na bar shafin yana nan, ba na shiga.

TikTok kuwa ya ba ni mamaki. Shafin For You yana kai bidiyonki gaban waɗanda ba su taɓa jin sunanki ba, ko da mabiyanki ba su kai ɗari ba. Ana saura mako uku ƙaramar Sallah na ɗora gajeren bidiyo: atamfa yadi shida a kan tebur, almakashi na yanka, sai rigar a rataye an gama. Kafin kwana biyu saƙonni sun yi min yawa. Na yi ta murna har na kira yayata na ce, "Yaya, kasuwa ta buɗe." Ta ce, "To, nawa suka biya?"

Da na zauna na ƙirga, cikin mata kusan arba'in da suka rubuto "nawa?", uku ne kawai suka zo awo. Sauran suna Tamale, Lome, har Kano, wasu kuma salon kawai suke so su kai wa telarsu. Dare huɗu na yi ina amsa su, ɗinkin mutane na jira. Kuskuren nawa ne: ban rubuta gari ba, ban rubuta farashi ba. Yanzu kowane bidiyo yana ɗauke da "Aboabo, Kumasi" da kuɗin ɗinki mafi ƙasa a jikinsa, sai lambar shago. Masu tambaya sun ragu, kuma waɗanda suka rage da gaske suke.

Inda kuɗi ke shigowa dai WhatsApp Business ne, kuma nan nake kashe kusan dukan rabin awata. A Catalog na jera salo goma sha biyu da farashinsu. A Quick replies na ajiye amsa ɗaya wadda ta faɗi yadi nawa za a kawo, kwana nawa ɗinki ke ɗauka, da cewa ba na sa almakashi sai an turo rabin kuɗi ta MoMo. Ina danna / in zaɓe ta, shi ke nan. Wannan kafin alƙalamin ya raba ni da masu barin kaya wata uku a rataye.

Status ne ya fi komai yi min aiki, amma yana da sharaɗin da na daɗe ban gane ba: sai kin ajiye lambar mutum, ita ma ta ajiye taki, kafin ta gani. Na yi watanni ina ɗorawa, masu kallo ba su wuce talatin ba, ashe yawancin kwastomomina ba su ajiye lambata ba. Yanzu da na gama awo, kafin ta ɗauki jaka, sai in ce, "Ƙanwata, ajiye lambata a gabana." Kuma tunda Status awa 24 yake yi ya ɓace, ina ɗorawa da safe, musamman Alhamis da Juma'a, lokacin da hankali ke kan bikin ƙarshen mako. Iyakarsa ita ce ba ya kawo baƙuwa kai tsaye. Waɗanda suka san ki ne kawai yake tuna wa da ke.

Hoton kwastoma kuwa ba na sawa sai ta yarda, in ta yarda ma daga wuya zuwa ƙasa nake ɗauka. Wata amarya ta taɓa roƙona in cire nata saboda dangin miji sun gani, tun daga nan na sayi mutum-mutumin rataya kaya.

Tsarina yanzu bidiyo biyu ne a mako a TikTok, ina ɗaukar su lokaci guda ranar Lahadi a bakin ƙofa saboda haske, in sake sa su a Status. Duk sabuwar da ta zo awo ina tambayar ta inda ta gan ni, in rubuta a gefen awonta cikin littafi. A watan jiya sababbi bakwai ne: biyu daga TikTok, biyar ƙawa ce ta tura musu hoton da ta gani a Status ɗina.