Zuwa ga Yaya, kan maganar gyaran jikin amaryarmu

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Ringim. Na ji an tsayar da bikin ɗiyarmu bayan girbi, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Kin ce za a kai ta Kano wajen mai gyaran jiki, wadda ta yi alkawarin haɗa mata mai da ƙarin ruwa na haske, kina kuma tambaya ko haka ake yi a nan Ingila. Tunda aikin jinya nake yi, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Dilka da halawa da kurkur da turaren wuta ba su dame ni ba, da su aka yi wa iyayenmu gyara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne man da ake haɗawa a roba marar rubutu, da kuma allura.

Yawancin man haɗin da ke haska fata cikin sati biyu akwai maganin asibiti a ciki, irin wanda ake kira sitiroyid, mafi ƙarfinsu kuwa shi ne kulobetasol. Shi ne a cikin ƴan tib ɗin nan da ake matsewa a zuba cikin mai. A nan, kome kuɗinki, mai kemis ba zai ba ki shi ba sai da takardar likita. Likitan ma don cutar fata mai tsanani yake rubuta shi, a shafa siriri a inda ciwon yake kaɗai, kada a wuce giram 50 a sati, kuma bayan sati huɗu a koma ya duba. Ƙanensa mai sauƙi, haidirokotizon kashi 1 cikin ɗari, ana sayar da shi ba takarda, amma sai mai kemis ya tambaye ki na wa ne, ina za a shafa, ya ce miki kwana bakwai kawai kuma ban da fuska. A gida kuwa babban ne ake juyewa a roba, yarinya ta shafe jiki kaf safe da dare har wata da watanni. Haidirokwinon, wani sinadarin haska fata da ake yawan haɗa su tare, an hana sa shi a kayan kwalliya a nan tun 2001.

Kada ki ɗauka nan ɗin aljanna ce. Akwai shagunan da ke ɓoye irin wannan mai a ƙarƙashin kanta, jami'an ƙaramar hukuma suna kai samame su kwashe. Allurar cike leɓe da kumatu ma an daɗe ana barin wanda bai taɓa karatun lafiya ba yana yi a ɗakin gyaran gashi, sai a 2021 aka haramta yi wa ƴan ƙasa da shekara 18. Bambancin shi ne mace a nan tana da bakin tambaya, ba ta jin kunyar ta ce a nuna mata kwali, kuma cikin minti kaɗan za ta duba sunan likita ko nas a rajistar hukuma ta waya. Wannan ɗabi'ar nake so ki tafi da ita Kano.

Ki fara da cewa: “Hajiya, me da me ke cikin man nan? Ina kwalayen?” Mai gaskiya za ta fito da su, ki ga sunan kamfani, lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ɗauki hoto ki turo mini. In ta ce sirrin sana'a ne, ko daga Misira aka kawo, ko duk na gargajiya ne amma za a ga haske a kwana goma, to ki tashi. Kurkur da zuma ba sa canza launin mutum a kwana goma. Ki kuma dubi hannunta da na yaran shagon: in yatsu sun yi fari amma gaɓoɓin sun yi baƙi, in kumatu sun yi ja ana hango koren jijiya, kin ga abin da man zai yi wa ɗiyarki.

Wata baiwar Allah ƴar wajenmu ta taho nan da robar man haɗi uku daga gida. Watan farko kowa yana yaba ta. Wajen wata na huɗu ƙuraje ƙanana suka feso mata a goshi da haɓa, makero ya bazu a cinya da hammata, domin maganin yana kwantar da garkuwar fata. Sai nankarwa mai faɗi, ja-ja, ta tsage mata damtse, fatar ta yi laushi har ɗan bugu ya bar shaida. Da ta tsorata ta daina, cikin kwana kaɗan fuska ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, ta fi da duhu, sai ta koma shafawa. Mai haɗin ta ce mata ai jikinta ne bai karɓa ba, ta sayi mai ƙarfi. Likitan fata a hankali ya janye mata shi, yana rage ƙarfi mataki-mataki, ya auna sukari da hawan jini, don maganin yana ratsa fata ya shiga jini. Ƙurajen da makeron sun warke. Nankarwar tana nan, ba ta gogewa. Saboda haka in yarinyar ta riga ta daɗe tana shafa wani abu, kada a yanke mata rana ɗaya, a kai ta ɓangaren fata na Asibitin Malam Aminu Kano tare da robar.

Wasu za su ce miki a gwada a bayan kunne kwana biyu. Gwajin yana da amfani, musamman ga baƙin lallen nan mai dayis da ke tayar da bororo, amma borin jiki kawai yake nunawa. Ɓarnar sitiroyid sai bayan makonni ko watanni take fitowa, gwajin kwana biyu ba zai kama ta ba.

Ƙarin ruwan hasken kuwa, wani sinadari mai suna gulutatiyon ake sawa, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da kowace allura don haska fata ba. Ni dai shawarata a bar shi gaba ɗaya. In an nace, ki tambayi wanda zai soka allurar sunansa da lasisinsa na bana, na Hukumar MDCN in likita ne, ko na hukumar nas-nas da ungozoma, ki gani da idonki. Farar riga da takardar kwas ɗin sati biyu a bango ba lasisi ba ne. Sai ki ce: “In numfashinta ya sarƙe ana cikin yi, me za ku yi?” Amsar da ta dace ita ce suna da allurar adiranalin a ajiye, su nuna miki, su faɗi asibitin da za su kai ta. Wanda ya ce ba a taɓa samun matsala ba, bai shirya wa ranar da za a samu ba. Sirinji da allura a ɓare su a gabanki, saboda ciwon hanta. Wanda kuma bai tambayi ko tana da asma, ciwon ƙoda, sikila ko wani maganin da take sha ba, kuɗin kawai yake kallo.

Kada ki biya duka a zuwan farko, ko an ce ragin na yau ne kawai. Ki koma gida ki kwana a kan maganar, ki kira ni. Zan aiko da man shafawa marar haɗi da man kare rana ta hannun mai tahowa wata mai zuwa. A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin saƙon.