Fara da sakamako ko fara da tambaya?

Masu saka hajarsu a TikTok da Instagram, daga Agege har Idi-Araba a Legas, sun yawaita tambaya: da me za a buɗe bidiyo?

A ɗauki mai ɗinkin kaftani. Idan da sakamako zai fara, daƙiƙar farko kaftanin ne a jikin mutum, aikin wuyan ya cika fuskar waya, sai a daƙiƙa ta 3 a koma kan yanka yadi. Wannan ba ya buƙatar murya, don haka ko wanda ke cikin hayaniyar danfo zai gane. Amma yana son haske mai kyau, kuma wanda ya riga ya ga ƙarshe yana iya wucewa.

Tambaya kuwa ta fi arha, fuska da baki sun isa: "Me ya sa wuyan kaftaninka yake tattarewa bayan wanki?" A rubuta ta a tsakiyar fuskar waya, domin rubutun manhaja yana rufe ƙasa. Haɗarinta jinkiri. Idan aka tsaya doguwar gaisuwa, ko amsa ta yi nisa, jadawalin masu kallo da manhaja ke bayarwa zai nuna sun zube tun farko.

Mai kayan da ido ke so, kamar ɗinki ko suya, sakamako ya fi masa. Mai koyarwa, kamar mai gyaran waya, ya riƙi tambaya.