Ƙirgen arahar ƙarshen shekara: na kwana 14 ko na 5?

’Yan kasuwarmu na ƙauyukan Jigawa sun yawaita tambayata kan wannan ƙirge, wato sanar da masu saye kullum kwana nawa ya rage kafin ranar araha. Ƙirgen kwana 14 a WhatsApp yana ba manomi damar kai riɗinsa Maigatari ran Alhamis, ya dawo da kuɗi a hannu. Amma yana cin data, kuma kullum sai ka ɗora sabon hoto. In ka faɗi ragin tun farko, ciniki zai tsaya cak, kowa na jiran ranar. Don haka kada ka faɗi farashin ragin sai saura kwana 3. Wannan nake ja wa mutane kunne a kai.

Na kwana 5 ba wahala, sai dai wanda bai tanadi kuɗi ba zai gani ya wuce.

Mai sayar da keken ɗinki ko katifa, dogon ya fi masa. Mai sabulu da takalma, gajeren ya ishe shi.