Ƙwayar baleriyan don barci: abin da na gani, da dalilin da na ƙi wadda aka haɗa da kaba

Ƙwayar baleriyan da na saya a wani kemis a Sabon Gari ta ɗan taimaka mini, amma taimakon bai kai abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Maganin na saiwar wani tsiro ne mai suna Valeriana officinalis, kuma adadin da aka fi gwadawa a bincike shi ne miligiram 300 zuwa 600, ana sha tsakanin rabin awa zuwa awa biyu kafin a kwanta. Na tsaya a kan 300 na 'yan makonni. Barci ya riƙa ɗauka ta da ɗan sauƙi, sai dai farkawar tsakiyar dare tana nan yadda take, kuma wasu ranakun nakan tashi sallar asuba kaina ya yi nauyi. Warinta kuwa, sai mai haƙuri.

A daidai lokacin ne na daina shan shayi bayan isha'i, saboda haka ba zan jingina wa ƙwayar dukkan sauƙin ba, kuma masana ma a nan suka tsaya. Wani nazari da aka buga a 2006 ya tattara gwaje-gwaje 16, ya kuma gano cewa masu shan baleriyan sun fi yawan cewa barcinsu ya gyaru, amma galibin gwaje-gwajen suna da rauni wajen tsari. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa daban ne da abin da na'urar auna barci ke nunawa, kuma a ɓangaren na'ura hujjar ba ta da ƙarfi. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi wajen magance rashin barci da ya daɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne wata kwalba da ke kusa da wadda na saya a kan kantar kemis ɗin, wadda aka haɗa baleriyan da kaba, wato Piper methysticum, tsiron da mutanen Fiji da Banuwatu da Tonga ke jiƙa saiwarsa su sha. Hujjar da ake da ita game da kaba ta fi karkata ga rage damuwa, ba ga barci kai tsaye ba. A 2002 Jamus ta janye magungunan kaba daga kasuwa bayan rahotannin lalacewar hanta, har da waɗanda sai da aka yi musu dashen hanta, kuma a shekarar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi. Wata kotu ta soke haramcin Jamus a 2014, domin matsalar ba ta cika faruwa ba. Duk da haka babu hanyar da mutum zai san tun farko ko yana cikin 'yan kaɗan ɗin da za ta shafa.

Yayana ya so in sayo masa wannan haɗin, shi kuwa yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ga shi yakan sha farasitamol idan kansa ya yi ciwo. Na ce masa, “Yaya, ku yi haƙuri, hantarku tana da aikin da ya ishe ta.” Haka hukuncin yake ga mai shan maganin tarin fuka, domin wasu daga cikin ƙwayoyin suna wahalar da hanta tun kafin a ƙara mata wani abu. Duk wanda ya riga ya fara shan kaba sai ya ga idonsa ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko tashin zuciya da kasala sun ƙi wucewa, ya daina nan take ya je asibiti da kwalbar a hannu, a yi masa gwajin jini na duba lafiyar hanta, wato ALT da AST. Ita ma baleriyan an samu rahotannin taɓa hanta a kanta, kodayake kaɗan ne kuma yawanci a cikin haɗe-haɗe.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne haɗa baleriyan ko kaba da wasu magunguna masu sa barci, irin su dayazefam, firiton, taramadol, maganin tari mai kodin da wasu magungunan farfaɗiya, domin nauyin yana taruwa har mutum ya kasa tuƙa mota ko babur lafiya washegari. Mai ciki da mai shayarwa su bar su gaba ɗaya, wanda za a yi wa tiyata kuma ya gaya wa likita tun da wuri. Ni dai ba zan sake sayen baleriyan ba, saboda kuɗinta ya fi amfaninta a wurina, amma wanda yake son gwadawa ya nemi mai sinadari ɗaya, mai lambar NAFDAC, ya kuma nuna wa mai harhaɗa magunguna duk abin da yake sha kafin ya biya.